Kwalbar Ɗantala

"Ba zan ɗaga ta ba, Baba," na ce.

Alhaji Sallau, shugaban 'yan kasuwar ƙauyen da ke kan hanyar Maradun, bai janye kwalbar da yake miƙo mini ba. Maganin basir ne na ƙaninsa Ɗantala, wanda da lasifikarsa zan yi magana.

"Ɗiyata Taiba, mi a ciki? Ki gama bayaninki, ki ce asibiti ta san da shi. Shi ke nan."

Na san abin da ke cikin kwalbar. Gudawa take sa mutum, ya ce ciki ya wanku, bayan kwana uku ciki ya sake ɗaurewa, ya dawo ya sayi wata. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, wata shida na yi ina neman izinin tsayawa nan ranar kasuwa in yi bayanin lafiya, kuma Alhaji ne mai bayarwa.

"Asibiti ba ta san da shi ba," na ce.

Ɗantala ya zare wayar lasifikarsa. "To, 'yar boko, yi da maƙogwaronki."

Na hau buhun gero na ɗaga murya.

"Iyayena, wa ya sha ruwa tun safe?"

Sai Juliana mai manja ta ce, "In na sha, wa zai tsare mini kaya in tafi bayan gida?"

Aka yi dariya. Na ce to nan ciwon yake farawa. A ƙi shan ruwa, a riƙe bayan gida har yamma, ya bushe, a yi ta yunƙuri, jijiyoyin dubura su kumbura. Na nuna musu abin da ke gabansu: wake, zogale, rama, kuɓewa, gwaba, dankali da ɓawonsa. Na ce kar a surfe gero har dusarsa ta ƙare. Maƙwabta su riƙa tsare wa juna kaya, wanda ya ji bayan gida ya tafi a lokacin. Mai zaman rumfa ya riƙa tashi yana takawa.

Ɗantala ya kunna tallarsa a kaina. Na ƙara murya har ta fara tsagewa.

Wani dattijo mai goro ya matso kusa. "Kwalba huɗu na sha, jinin bai tsaya ba," ya ce a hankali.

Alhaji yana kallona. Da na so, da na amsa wa dattijon a kunne.

"Baba, ka bar shan ta," na ce yadda kowa zai ji. "Ba kowane jini ne basir ba. Gobe ka zo asibiti a duba ka."

Ya zo. Juliana ma ta aiko mini cewa yanzu tana ajiye gorar ruwa ƙarƙashin teburinta.

Ni kuwa kwana biyar ba ni da murya. Alhaji ya janye izinin, kuma a wurin aiki aka ce ban iya zama da manya ba, aka ba wani fitar kasuwa. Shekara guda ke nan ina zaune ina rubuta katin marasa lafiya.