Layin Baba Milutin na Ranar Alhamis

Ni mai ɗaukar hoto ce a Nish, ba ni da ubangida, kuma mutanen garin nan sun gasa mini aya a hannu da latti. Shi ya sa duk wanda ya nemi layin ɗaukar hoto saƙo ɗaya nake tura masa: "Zama awa ɗaya ne. In ka makara, a lokacinka za a cire. In lattin ya wuce minti goma sha biyar, layi ya tashi. Kafin alƙalami dinari dubu biyu, shi ke riƙe maka lokaci, kuma ba ya dawowa."

Baba Milutin, wani tsoho daga ƙauye, bai iya rubutu a waya ba, sai ya kira.

"'Yata, jikata ta karanta mini dokokinki. Ko soja albarka!"

"Baba, hoton me kake so?"

"Na dutsen kabari. Na marigayiya matata yana manne a dutsenmu shekara tara, gefena fayau. Ta yi kyau a nata, kada in kunyata ta."

Tsofaffinmu sun saba kafa dutsensu tun suna raye, don haka ban yi mamaki ba. Ya tura kuɗin ta gidan waya, na ba shi Alhamis ƙarfe sha ɗaya na safe.

Ranar na kunna fitilu na zauna. Sha ɗaya da kwata ta wuce, raina ya ɓaci. Sha ɗaya da minti ashirin sai na'urar magana ta ƙofar ƙasa ta yi ƙara.

"Ni ne, 'yata. Na sa kwat ɗina."

Muryar tana zuwa kamar daga cikin rijiya, kuma ban ji motsin titi a bayanta ba, titin da ba ya shiru.

"Baba, minti ashirin fa!"

"Na yi ƙoƙari. Ba su sake ni da wuri ba."

Babu kowa a layin bayansa, da na buɗe ba abin da zan rasa. Taurin kai ne kawai. Na faɗi abin da na faɗa, na ajiye.

Ranar Asabar jikarsa Sladana ta kira, tana tambaya ko na taɓa ɗaukarsa hoto, don mai sassaƙa dutse yana jira. Ta ce a cikin bas ɗin shigowa gari ya rasu ranar Alhamis, wajen goma da rabi, da kwat a jikinsa. Hotonsa ɗaya a gidan, na katin shaida, shi ma ya koɗe.

Har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Ban ƙara ba kowa sha ɗayan Alhamis ba. Nakan kunna fitilu, in buɗe ƙofar ƙasa, in jira. Bai dawo ba, kuma na san dalili. Ce masa na yi kada ya ƙara taka ƙofata sai ya sake biyan kafin alƙalami.