Tawadar Allah a Tafin Ƙafar Inna

Tun da bam ɗin tasha ya ci mijinta, Inna Sadiya ba ta sake taka ƙofar gida ba. Wata goma sha huɗu cur! Ko ƙarar Keke Napep ta ji a layinsu na Yerimaram sai ta hau salati. To mai wannan hali ce za ka ce wa ta tashi a je asibiti saboda ɗan baƙin tabo a tafin ƙafa? Taɓ!

Shi ya sa 'yarta Ramlat ta nemi hanya mai sauƙi: a tura hoto ga Dakta Nanret, tsohuwar maƙwabciyarsu da rikici ya kora Jos. Inna kuwa, da jin likita za ta ga ƙafarta, sai da ta ƙunsa lalle tukuna. Wai kada a ga faso a raina ta.

Nanret ta kira. "Ramlat, lalle kawai nake gani, ya rufe launin. Kuma ko babu shi, hasken waya na canza kala. Hoto ba ya nuna mini girma ko tauri, ba na iya taɓawa. Mene ne wannan ɗin?"

"Anti, tawadar Allah ce kawai."

"Da ita aka haife ta?"

Ramlat dai sunan ta ji a bakin Inna ta riƙe, ba ta taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ta, ta miƙa wa Inna wayar.

"Inna, yaushe kika fara ganinta?"

"Ina cikin takaba, 'yar nan. Zaman tabarma ya sa na lura. Lokacin kamar ƙwayar gero."

"Yanzu fa?"

"Ta fi gyaɗa. Bakinta ma ba a daidai yake ba."

"Ƙaiƙayi? Jini? Kaluluwa a matsematsi?"

"Kaluluwa dai ban ji ba. Jini sau biyu, na ɗauka ƙaya ce."

"Inna, ba zan ce ciwon daji ba ne, ba kuma zan ce ba shi ba ne. Amma tabon da ya fito bayan mutum ya girma, yana ƙaruwa, yana jini, sai likita ya gani da ido, ya lalluba, wataƙila a yanka a kai gwaji. Ku faɗa masa duk abin da kika faɗa mini, har lallen. Kada ya wuce makon nan."

Ramlat ta tsorata ƙwarai. Hanyar asibiti ta gaban tashar nan take bi, ta kuma san Inna ta sani.

"Inna," ta ce, "na rasa Baba a waje. Kada in rasa ki a ɗaki."

Inna ta daɗe tana kallon tafin ƙafarta. Can ta ce, "Ɗauko mini takalmina. Suna ƙarƙashin gado, sai kin kakkaɓe."