Abin da Tela Ba Ta Shigar Ba

Su uku ne a gidan, ɗaki uku da falo ɗaya: Nas, Malama, sai Tela, wadda ita ce ƙaramarsu. Tun da aka yi rigima kan kuɗin wuta bara, Malama ta sa kowa ta sauke wata manhaja a waya. Duk wadda ta biya wani abu na gida sai ta shigar, manhajar ta raba uku, ƙarshen wata ta faɗi wa zai ba wa nawa. Suka kuma kafa doka: wadda ta kasa biyan nata wata biyu a jere, ta bar ɗakinta. Tela ta riga ta kasa a watan jiya, sai daga baya ta biya. Ga ƙanwar Nas tana neman ɗaki ido rufe.

Ranar Asabar da hantsi suka zauna a falo, kowa da wayarta. Malama ta gyara tabarau ta karanta.

“Nas ta biya wuta, dubu talatin. Ni na biya ruwa da intanet, ashirin da huɗu. Tela ta sayi gas, dubu shida. Sittin ke nan, kowa ashirin. Tela, za ki ba Nas goma, ki ba ni huɗu.”

Dubu biyar ce cak a jakar Tela. In ta bar ɗakin nan ba ta san inda za ta ajiye keken ɗinkinta ba, balle kanta.

Abin haushin, ba wai ba ta kashe wa gidan kuɗi ba ne. Ita ce mai wuni a gida tana ɗinki, don haka ita komai ke faɗo wa. Da famfon banɗaki ya fashe, ita ta sallami mai gyara, dubu tara. Da gas ya ƙare ana tsakar girki, ita ta sake cikawa, shida. Ƙwan fitila, sabulu, tsintsiya, ladan mai kwashe shara, wasu shida. Ba ta shigar da ko ɗaya ba. A ganinta ƙaranta ce mutum ya zauna yana rubuta kuɗin tsintsiya a kan yayyensa. Kara ke nan, wai! Ita kuwa manhaja ba ruwanta da kara, abin da aka gaya mata shi ta sani.

“Yaya,” in ji Tela, tana kallon ƙasa, “akwai waɗanda ban sa ba.”

“Kamar me?” Malama ta tambaya.

Ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ta nutse. Babu wadda ta musa, don kowa ta ga famfon ya daina zuba.

“To sa mana! Da wa ya hana ki?” in ji Malama.

Ta shigar da dubu ashirin da ɗaya. Jimilla ta koma tamanin da ɗaya, kowa ashirin da bakwai. Daidai abin da Tela ta kashe ke nan, sai jar alamar bashi da ke gaban sunanta ta ɓace. Ta koma kan Malama: za ta ba Nas dubu uku.

Malama ta cire tabarau ta goge ta mayar. “Ikon Allah. Na zo karɓa, ga ni zan biya.”

Tela ta yi ajiyar zuciya, har ta fara murmushi. Nas kuwa ta ɗaure fuska. Ta riga ta ce wa ƙanwarta ta fara haɗa kaya, ranta ya ɓaci sosai. Ta duƙar da kai tana latsa waya.

“Tunda yau ranar tone-tone ce,” ta ce, “bari ni ma in tuna nawa.”

Wayar Tela ta yi ƙara. Sabon abu ya shigo: maganin zazzaɓi, dubu huɗu. Nas ba ta raba shi uku ba, ta ɗora shi duka a kan Tela. Maganin da ta kawo mata ne mako biyu da suka wuce, ta zauna bakin gadonta tana shafa mata ruwan sanyi a goshi, tana cewa haba ƙanwata, kar ki ma yi maganar kuɗi.

Tela ta daɗe tana kallon wayar. Wannan ya fi dubu goma sha huɗun yi mata ciwo. Ta buɗe jaka ta ƙirga huɗu ta miƙa da hannu biyu.

“Ga shi, Yaya. Na gode.”

Nas ta karɓa ba ta dube ta ba. Malama ma ta ba da ukunta, aka danna “an biya”, sunayen uku duk suka koma sifili.

“Madalla, ba mai bin kowa,” in ji Malama.

Ɗaki dai ya tsira. Da rana Tela ta ji Nas na tari a kicin, har ta miƙe za ta haɗa mata shayi, sai ta tsaya tana tunanin ko shi ma shigarwa za ta yi. Ta koma ta zauna kan kekenta.