Inuwar da Ta Ƙi Bin Mai Ita

A wasan kwamfutar da muke haɗawa, aikina kashe mutane. Da furfurata, da shi nake ciyar da iyali.

Wannan karon wani tsoho mai kwale-kwale ne zai mutu. Na rubuta sheda, ɗan umarnin da ke zana kowane ɗigo na jikinsa. Na lulluɓe shi da hoto mai dabbare-dabbare, na sa ma'auni yana hawa, duk ɗigon da haskensa bai kai ma'aunin ba a zubar da shi. Tsoho ya narke tas, amma inuwarsa ta tsaya a ƙasa. Daban ake zana ta, na manta.

"Kawu, kisan ma ba ka iya ba," in ji mai zanenmu tana dariya. Sai ta ƙura wa inuwar ido. Irin tsayuwar mahaifinta, wanda ya rasu bara, ta zana wa tsohon.

"Bari in gyara," na ce.

"Kada ta tafi tare da shi, Kawu."

Na yi wa inuwar nata ma'aunin mai jinkiri. Yanzu in tsohon ya tafi, takan ɗan dakata kafin ta bi shi. Shugabanmu ya yaba basirata. Ban musa ba.