Lambar da ke cikin amsar masauki

Alhaji Abdulrahaman yana da masaukin baƙi a Agiye, bakin hanyar da ta nufi gabas. Mafi yawan baƙinsa ma'aikata ne da ke zagaya ƙauyuka, kuma ta imel suke kama ɗaki tun kafin su taso. Shi bai iya ordinatar ba, wato kwamfuta. Wannan aikin yana hannun Asta, ɗiyar ƙanwarsa, mai kula da buro, wato ofishin masaukin.

Bayan Sallar layya ya gamu da Malam Kamal a kasuwa, shugaban masu rigakafin dabbobi da ya saba sauka wajensa. Suka gaisa, Alhaji ya yi masa ƙorafin ya ɓuya.

"Ai mun zo, Alhaji. Ranar jajibirin Sallah na rubuto, nan take amsa ta dawo cewa buronku a rufe yake, mai gaggawa ya kira wata lamba. Na kira, Mansur ya ɗauka. A Gazawa muka kwana, wajensa."

Alhaji ya yi murmushi don kada a gane maganar ta dame shi. Mansur tsohon ma'aikacinsa ne da ya bar aiki ya buɗe nasa masaukin a Gazawa. Kuma ƙanen mijin Asta ne.

Bai ce mata komi ba da farko. Sai ya riƙa zama a inuwar da ke kallon tagar buronta, yana jan carbi, yana lura da duk wanda ta yi wa waya. In ta yi dariya sai ya ce a ransa da Mansur take. Da ya gaji da zargi, ya shiga ya ja kujera.

"Ɗiyata, karanta mini abin da injin nan ke faɗa wa mutane in ba ki nan."

Asta ta dube shi da mamaki, ta shiga wajen saitin imel, ta buɗo amsar. Da Faransanci take, ta riƙa fassara masa: "Mun gode da saƙonku. Buron kama ɗaki yana rufe saboda Sallah, sai ranar Litinin za mu buɗe. Ba mai karanta saƙonni kafin nan, kuma wannan amsa ba ta nufin an kama muku ɗaki. Wanda zai iso yau ko gobe, ya kira wannan lamba."

Ta fara karanta lambar, sai ta tsaya a tsakiya.

"Ƙarasa mana," in ji Alhaji.

"Kawu, ta Mansur ce."

"Na sani. Wa ya sa ta?"

"Shi ya rubuta amsar tun yana nan, lokacin shi ke tsaron hutu. Rubutun yana nan ajiye. Ni ranar farawa da ta ƙarewa kawai nake canzawa, in kunna. Wallahi ban kai idona ƙasa ba."

"Ba ki taɓa ganinta ba, ke da ke zaune gabanta kullum?"

"Ai ba ni take zuwa wa ba, Kawu. Wanda ya rubuto take zuwa wa."

Maganar ta shiga hankali, amma Alhaji bai sake ba. Ya ce ta kira Mansur a gabansa, ta buɗe murya ya ji, kada ta ce yana kusa.

Mansur ya ɗauka da fara'a. "Matar yaya! Lafiya?"

"Baƙinmu sun kira ka da Sallah?"

"Sun kira. Na ce musu na bar can. Suka ce to ina za su kwana? Ni kuwa ga ɗakuna babu kowa."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na zaci kin sani," ya ce, yana 'yar dariya.

Alhaji ya zuba wa fuskar Asta ido yana neman wata alama. Ɓacin rai kawai ya gani, sai dai ya kasa tantance ko na laifin Mansur ne ko na tonon asiri.

A ranar ya aika aka sayo sabon layi da ƙaramar waya, ya ce ta masauki ce, ba ta kowa ba, duk mai tsaron hutu shi zai riƙe ta. Asta ta goge tsohuwar lambar ta sa sabuwa, ta ƙara da Hausa a ƙarƙashin Faransancin. Ya ce a gwada. Ta kunna amsar, ta aiko saƙo daga imel ɗinta na kanta, amsa ta dawo nan da nan. Ya sa ta karanta lambar ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a jikin katin layin, sannan ta kashe.

Asta ta ci gaba da aikinta, sai dai ta daina kawo masa shayi da hantsi, gaisuwarta ma ta gajarce. Da Mauludi ya zo aka sake rufe buron, ta miƙo hannu za ta karɓi wayar, tunda ita ce da tsaro. Alhaji ya yi kamar bai gani ba, ya jefa ta aljihun rigarsa ya fita.