Tsumman Kafaɗar Inna

Tukunya ɗaya, ludayi, wuƙa, katakon yanka, faranti biyu, dukkansu da koren fenti a hannu ko a gindi. Sabulu. Allurar gaggawa biyu a jaka. Takardar sanarwa cikin leda. Abin da ke kujerar baya ke nan lokacin da direban tasin ya karya kwana zuwa makarantar 'yarsa.

Auta ba ta cin gyaɗa. Ko ɗigo ya shiga bakinta, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe. Tun da ta shiga makarantar, a mota take cin abincin rana, ita da ubanta, tana hango ƙawayenta ta tagar ɗakin cin abinci. Yau aka amince ta shiga ɗakin ta ci da su, in kicin zai iya.

Ya bi ta ƙofar bayan kicin da kayan. Inna, shugabar masu girki, tana tsaye da tsumma a kafaɗa.

"Malam direba, kayan aure ka kawo mana?"

"Na Auta ne, Inna. Ga takardar da likita ya duba."

Ta manna ta a bango, sama da wurin wanke-wanke, ta karanta wa mata biyun da ke aiki da ita. Abincin yarinyar a fara dafa shi, da kayan kore kaɗai, a rufe. A duba jikin kowane kwali da kwalba, har man suya. Tsince gyaɗa daga abinci ba ya raba shi da ita, wuta ma ba ta kashe ta. A wanke hannu da ruwa da sabulu, sanitaiza ba ta cire ta. In an ga kumburi ko numfashi na sarƙewa, a soka allurar a gefen cinya nan take, a kira motar asibiti.

"Wai duk wannan don gyaɗa?" in ji doguwar cikinsu. "Mu da aka yaye mu da ita."

"Shi ya sa kika yi tsawo babu kai," Inna ta ce. "Wanke hannu."

Aka wanke. Aka rataye jakar allurar a ƙusa kusa da ƙofa, inda kowa zai kai hannu. Inna da kanta ta ɗora shinkafa da miya a koriyar tukunya, ta juya kwalbar mai ta karanta bayanta. Direba ya tsaya a lungu yana kallo.

Ƙararrawa ta buga. Yara suka yi layi a tagar rabo, Auta a gaba, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Inna ta zuba mata a koren faranti. Miya ta ɗiga a bakin farantin. Hannun Inna ya tafi kafaɗa, ya jawo tsumman, ya share ɗigon tas, kamar yadda yake yi tun kafin a haifi Auta.

Direba ya buɗe baki. Inna ta riga shi. Farantin na hannunta, ba ta miƙa ba.

"Ke doguwa, me na goge da wannan da safe?"

"Wuƙar burodi."

"Wadda aka shafa niƙaƙƙiyar gyaɗar karin kumallo da ita?"

"Ita."

Layi ya fara guna-guni. Auta ta dubi farantin, ta dubi ubanta, idonta ya ciko. Ta san hanyar mota.

"Tsaya nan, jikalle," Inna ta ce. "Wa ya sallame ki?"

Ta juye abincin a shara, ta tura farantin wurin wanki, ta jefa tsumman a bokiti. Ta wanke hannu har gwiwa. Ta ɗauko faranti na biyu, ta buɗe koriyar tukunya, ta sake zubawa. Miya ta sake ɗiga. Ta bar ta.

"Yau da ɗigonsa za ki ci."

Ta zaro biro daga aljihun direba, ta ƙara layi a ƙasan takardar da manyan baƙaƙe: BA TSUMMA A KAN KAYAN KORE.

"Likitanka bai taɓa rabon abinci ba," ta ce.

Auta ta zauna a tebur da aka wanke da sabulu, ƙawa a dama, ƙawa a hagu. Ta dama ta miƙo mata biskit.

"Ba na musaya," Auta ta ce, bakinta cike. "Amma ki zauna."

Direba ya tsaya har ta cinye, ya ƙara tsayawa. Leɓenta bai canja ba. Surutu kawai take zubawa, ko waiwayensa ba ta yi.

"Malam, kana tare mana hanya," in ji Inna. "Ba ka da fasinja?"

Ya fita, ya ja ƙofar kicin ta rufu. Mai gadi ya tambaye shi ko a ajiye masa wurin mota gobe da rana.

"Ba wa wani," ya ce. "Gobe ina kan titi."