Inda Iska Ba Ta Kaiwa

Tun kafin ta buɗe tulun, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta san aiki ya ɓaci. 'Yar takardar da ke ciki ta kamata ta yi fari fat. Ga ta nan shuɗiya. Robar murfin ta tsage, iska ta shiga.

Mugunyar da likita ya zuƙo daga hantar yayanta ce ta shafa a farantan renon ƙwayoyin cuta. Waɗanda ta bari a waje na ƙwayoyi masu son iska ne, da waɗanda ko da ita ko babu suna tsirowa. Babu abin da ya fito. Sauran ta rufe a tulu da ƙunshin maganin da ke shanye oksijin, don akwai ƙwayoyin da iska guba ce a gare su. Irinsu ne kuwa warin mugunyar ya nuna. Yanzu farantan tulun ma wayam, mugunyar kuma ta ƙare.

A ɗakin jinya ta tarar da Inna a bakin gadon yayan nata, yana ta kakkarwar zazzaɓi.

"Auta, me gwajin ya ce?"

"Ba mu gane ko wace iri ba ce, Inna. Iska ta shiga tulun, ta kashe su."

Inna ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Sun mutu ke nan?"

Auta ta dubi kumburarren cikin yayanta.

"Na tulun ne suka mutu, Inna. Nasa suna can inda iska ba ta kaiwa."